Shafin kuɗi ba wurin kare kai ba ne

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, takardun neman aiki da 'yan kwangila ke kaiwa ofisoshin Kaduna sun sauya salo. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kowa ya ji a jikinsa. Yanzu idan ka buɗe shafin kuɗi sai ka tarar da jimla a layi ɗaya, a ƙasanta kuma sharuɗɗa jere: farashi na iya canzawa kowane lokaci, ba mu da alhakin kaza, kamfani ba zai lamunci kaza ba. Na san asarar da ta haifar da wannan, amma ban yarda da salon ba. Mai karatu bai ƙaru da komai ba, sai dai ya fahimci tun ba a fara aiki ba ana shirin rigima da shi.

Aikin rijiyar burtsatse ya fi fito da matsalar fili. Garin Kaduna a kan dutse yake zaune, ruwan ƙasa kuma yana cikin ruɓaɓɓen dutse na sama ne da tsagogin da ke ƙasansa. Shi ya sa rijiya biyu a layi ɗaya a Malali ko Kawo za su iya bambanta a zurfi, kuma awon ƙasa da ake yi kafin haƙa hasashe yake bayarwa kawai. Mai haƙa da ya rubuta "zurfi ba alhakinmu ba ne" gaskiya ya faɗa, amma ya bar mai aiki cikin duhu.

A ce wata makaranta ce a Unguwar Rimi ke son rijiya, alƙaluman nan kuma na misali ne. Awon ƙasa naira 100,000. Haƙa mita 60 a kan 25,000 kowace mita, 1,500,000. Bututun da ke tare bangon rijiya mita 20 a kan 10,000, wato 200,000. Injin jan ruwa da waya da bututunsa, 400,000. Sun kama 2,200,000. Harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ya tsaya a layinsa, 165,000, jimla 2,365,000.

Daga nan sai a faɗi abin da aka gina lissafin a kai, kuma nan ne gwaninta take. A rubuta: "Mun yi lissafi a kan mita 60. Idan aka samu isasshen ruwa kafin nan, za mu rage 25,000 a kowace mita da ba a haƙa ba. Idan aka wuce, za a ƙara 25,000 a kowace mita, kuma ba za mu wuce ba sai da amincewarku a rubuce." Da wannan, shugaban makarantar zai iya lissafa da kansa cewa mita 75 na nufin ƙarin 375,000 kafin haraji, ya kai wa masu makarantar tun kafin motar haƙa ta shigo. Alkawarin ragin nan kuwa shi ke sa a yarda da maganar ƙarin. Sharaɗin da kullum mai aiki kaɗai yake ci, kowa na gane shi.

Haka batun tsadar kaya. A cire "kowane lokaci", a sa rana: farashin nan yana nan har kwana 14, bayan haka kuɗin haƙa da na inji kaɗai za a sake dubawa, domin su ne ke bin man dizal da dala.

Abubuwan da ba sa cikin kuɗin ma a daina rubuta su kamar gargaɗi. Tankin ruwa da ƙarfen ɗora shi, wutar da za ta juya inji, gwajin ruwa a ɗakin bincike: a ce makaranta ce za ta tanada, ko kuma ga kuɗin kowanne idan ana so mu yi. Sau da yawa ma nan ƙarin ciniki yake fitowa.

Layi mafi nauyi shi ne na rijiyar da ta ƙi ba da ruwa, kuma shi aka fi gudu. A faɗi ƙarara nawa za a biya na mitocin da aka haƙa, a kuma faɗi cewa ba za a karɓi kuɗin injin da ba a saka ba.

Wasu za su ce wanda ya baje lissafinsa haka, abokin takara zai rage masa dubu hamsin ya ƙwace aikin, ko mai aiki ya zauna yana taya kowane layi kamar a kasuwar Sheikh Gumi. Hakan na faruwa. Amma ba wanda ya ce ka bayyana ribarka. Farashin mita kawai ake nema, ribar tana cikinsa. Ɗan kwangila, kafin ka buga takardarka ta gaba, bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba ka iya sa masa adadi ko rana ko sunan mai ɗaukar nauyinsa ba, goge shi.