Hannun Malamar Asibiti

Ƙaramin asibitin unguwarmu yana da famfo, amma an daɗe da ganin ɗigon ruwa a bakinsa. Ruwan da ake aiki da shi mai garuwa ne ke turo shi a kura tun da farar safiya, jarka shida ko takwas, wani lokaci garai-garai, wani lokaci kuma, musamman idan damina ta yi nisa, da ɗan launin koko. A cikin wannan hali wata dattijuwar malamar asibiti ta kwashe shekaru tana karɓar haihuwa, tana wanke gyambo, tana duba yara masu gudawa ɗaya bayan ɗaya. Na zauna a bencin jira sau da dama ina kallon hannunta, kuma na yarda cewa wanke hannu ma sana'a ce, akwai gwani akwai ɗan koyo.

A bakin ƙofarta akwai bokiti mai murfi da aka dasa wa kan famfo a gindi, an ɗora shi kan kujera, ga roba a ƙasa tana tarar ruwan da ya zuba. Irin wannan bokitin ake kira bokitin Veronica, da sunan Veronica Bekoe, masaniyar kimiyya 'yar Ghana da ta fito da dabarar. Hikimarsa ɗaya ce: ruwan ya riƙa zubowa kan hannu yana wucewa, kada hannu ya shiga cikin ruwan. Malama kan buɗe famfon kaɗan, ta jiƙa hannu har wuyansa, ta rufe, don ruwan da kuɗi aka saye shi. Sannan ta ɗauki sabulu ta murza har kumfa ya rufe ko'ina.

Daga nan ne gwanintar take. Tafi da tafi tukuna. Sai ta ɗora tafin dama a bayan hannun hagu ta cusa yatsu cikin tsakanin yatsu, ta juya ta yi wa ɗayan. Sai ta sarƙe yatsun ta gaba ta cuɗa. Sai ta lanƙwasa yatsun hannu ɗaya cikin tafin ɗayan ta goge bayansu, wajen gaɓoɓin nan masu tattara. Sai ta kama babban yatsa cikin dunƙulen hannu ta murza shi kamar mai murɗa marfin kwalba. A ƙarshe ta haɗa kan yatsu biyar wuri guda ta riƙa juya su a tsakiyar tafi, don kumfa ya shiga ƙarƙashin farce. Ta buɗe famfo ta ɗauraye, yatsu na kallon ƙasa, ta rufe da gwiwar hannu, don kan famfon nan hannu mai datti ne ya buɗe shi ɗazu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wa ma'aikacin lafiya duka wannan ya ɗauki daƙiƙa 40 zuwa 60. Na taɓa duba agogo a ɓoye. Ba ta gaggawa, ba ta kuma jan jiki, tana yi tana amsa gaisuwar mutane, amma ba ta sauka ƙasa da haka ba. A gida, abin da ake nema shi ne cuɗawa da kumfa ta kai aƙalla daƙiƙa 20, ban da jiƙawa da ɗaurayewa.

Ranar awon ciki takan yi wa mata wani gwaji da ya fi doguwar lacca aiki. Takan kira mace ɗaya ta ɗiga mata manja a tafi, ta ce ta shafe hannu duka. Sai ta zuba mata ruwa zalla daga buta. Ruwan ya bi ta kan man ya gangare, hannu na nan jawur. Sai ta miƙa mata sabulu ta ce, “Rufe idonki, 'yar nan, ki wanke yadda kika saba a gida.” Idan ta buɗe ido sai dariya ta kaure, don tafin ya fita tas, amma ga ja a gindin babban yatsa, ga shi a gefen farce, ga shi tsakanin yatsu, ga wani kwance ƙarƙashin zobe. Kusan kowa wuraren nan yake tsallakewa. Fatar mutum kullum da maiƙonta, kuma a cikin maiƙon nan datti da ƙwayoyin cuta ke maƙalewa. Ruwa da mai ba sa jituwa, shi kuwa sabulu gefe ɗaya yana kama mai, ɗaya gefen yana bin ruwa, don haka yake ɓamɓaro maiƙon ya miƙa wa ruwa ya tafi da shi. Ba sai ya kashe ƙwayar cutar ba, ya isa ya raba ta da fata. Shi ya sa ba ta damu da tsadar sabulu ko ƙamshinsa ba. Sabulun wanki, sabulun salo, garin omo da aka kaɗa a gorar ruwa, duk suna yi. Idan babu ko ɗaya, toka mai tsabta daga murhu ta fi ruwa zalla, ko da yake ba ta kai sabulu ba. Man goge hannu mai sinadarin barasa kuma, wanda ya yi tashe lokacin korona, yana da amfani, sai dai ba ya aiki yadda ya kamata a hannun da ake ganin datti ko maiƙo a kansa.

Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne ta ga mace ta wanke hannu da kyau, sannan ta goge a zanin da ta goye yaro da shi tun safe. Aiki ya koma baya. Ita takan yarfe hannunta ta bar iska ta busar, don tawul ɗaya da mutum ashirin suka goga ya zama wurin musayar datti.

Akwai wata al'ada tamu da take faɗa da ita a hankali, ba da tsawa ba. An kawo tuwo, an ajiye kwanon ruwa guda, maigida ya tsoma hannu, baƙo ya tsoma, samari su tsoma, ƙaramin yaro shi ne na ƙarshe. Wanda ya fi kowa rauni shi ya wanke hannunsa da dauɗar kowa. Gyaran bai buƙatar sayen komai, tunda babu gidan da ba buta: ɗaya ya zuba, ɗaya ya cuɗa da sabulu, kwanon ya zama matarin ruwan da ya zuba. Haka ma bayan tsarki. Ruwa ya tsarkake mutum ta fuskar ibada, wannan ba ta musu a kai, amma hannun hagun nan yana buƙatar sabulu kafin ya taɓa marfin tukunya. Kuma kashin jariri, da mata da yawa ke ɗauka ba komai ba ne, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba. Kwalara, wato amai da gudawa, ta wannan hanya take bi, daga bayan gida zuwa baki, ta hannu ko ruwa ko abinci. Mafi yawan waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa ko kwanciya, suna harkarsu lafiya lau, alhali tana fita a bayan gidansu har kwana goma. Don haka jiran sai an ga mara lafiya a gida kafin a ɗauko sabulu, an makara.

Ruwan sha kuwa nasa tsarin daban. Na ga yadda ta yi da jarka ɗaya mai lita 20 a wata safiya ta watan Agusta, bayan an kwana ana ruwa. Ta tsiyayi kaɗan a kofin gilashi ta ɗaga wa haske, ya yi dishi-dishi. Ba ta jefa ƙwayar kulorin nan take ba, domin laka da dattin da ke yawo a ruwa su ke fara shanye kulorin, abin da zai rage wa ƙwayoyin cuta kaɗan ne. Ta juye ruwan a bokiti ta rufe, ta bar shi ya kwanta har wajen azahar. Mai gaggawa kan kaɗa ɗan alif a ciki don lakar ta dunƙule ta sauka da wuri, amma alif share ruwa yake, ba ya kashe cuta, kuma nan mutane da yawa ke ruɗuwa, su ga ruwa ya yi fari su ce ya tsarkaka. Ta tsiyaye na sama a hankali ta cikin farin ƙyalle mai tsabta da aka ninka, zuwa wata jarkar da aka wanke, ta bar guntun laka a gindin bokiti. Sai ta jefa ƙwaya ɗaya, mai miligiram 67, wadda aka yi don lita 20 na ruwa garai. Ta rufe, ta jijjiga, ta duba agogo. Minti 30 cur, ba wanda zai sha kafin nan. Ƙwayoyin nan girmansu ya bambanta, akwai ta lita ɗaya, akwai ta babban tanki, don haka kullum sai ta karanta jikin takardar. Inda ruwan ya ƙi washewa kuma babu wani, akan ninka adadin.

Da lokaci ya cika ta buɗe ta sansana. Ɗan warin kulorin kaɗan take nema, alamar cewa ya gama aikinsa har ya yi saura, kuma sauran nan ne zai ci gaba da gadin ruwan a cikin jarka. Idan babu warin sam, ko dai ruwan ya fi ƙarfin ƙwayar, ko ƙwayar ta lalace a ajiya. Tafasawa ma hanya ce, har ta fi kulorin a kan wasu ƙananan halittu masu taurin ɓawo da kulorin ba ya iya musu, muddin ruwan ya yi tafasa sosai yana juyawa na minti ɗaya, ba ɗan kumfan gefen tukunya ba. Sai dai itace da gawayi sun yi tsada, kuma tafasasshen ruwa ba shi da mai gadi. Da zarar ya huce, duk abin da ya faɗa ciki ya zauna.

Shi ya sa idan uwa ta ce, “Malama, wallahi tafasa masa nake yi, amma gudawar ta ƙi tsayawa,” ba ta ƙaryata ta. Sai ta tambaya a ina ake zuba ruwan bayan ya huce. A randa. Da me ake ɗiba? Da moɗa. Ina moɗar take kwana? Sai uwar ta yi shiru, don ta tuna moɗar a ƙasa take gefen randa, kaji na bi ta kai, kuma yaron da ya dawo daga wasa, idan ruwan ya yi ƙasa, sai ya zura hannu har gwiwa kafin ya cika ta. Malama ba ta ce a fasa randa ba, ta san ruwan randa ya fi sanyi da daɗi, ba mai rabuwa da shi a watan Afrilu. Ta ce a samo ludayi mai dogon mariƙi a rataye shi a ƙusa sama da inda yara ke kaiwa, da shi kaɗai za a ɗiba a zuba a kofi, ba a kai shi baki. A sa wa randar murfin da ya zauna daidai, a riƙa juye ta ana wankewa maimakon a zuba sabo a kan tsoho. Ruwan ƙaramin yaron kuma a ware masa a jarka mai ƙaramin baki, wadda sai dai a tsiyaya. Ta rubuta wa uwar gishirin haɗi na ruwan gudawa da ƙwayar zinki, ta ce ta dawo jibi, sannan ta miƙe ta nufi bokitin bakin ƙofa kafin ta kira mai bi mata.