Rubutu Uku a Fuska Ɗaya: Sharhi a Kan Gajerun Bidiyoyin Azkar na Safe da Maraice a Parakou da Djougou

1.0 Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da Hausawa ke tura wa juna ta wayar hannu akwai jerin gajerun bidiyoyi na addu'o'in safe da maraice. Kowane bidiyo yakan ɗauki addu'a guda. Ana nuna nassin Larabci a sama, a ƙarƙashinsa a rubuta lafazin da baƙaƙen boko, sannan a kawo ma'anarsa da Hausa, yayin da murya ke karantawa. Galibin addu'o'in ana ɗauko su ne daga littafin Hisnul Muslim na Sa'id bin Ali al-Ƙahɗani, wanda ya rasu a 2018, ko kuma daga Al-Azkar na Imam Nawawi. Wannan takarda za ta dubi yadda rubutun nan uku ke aiki ga mai kallo a garuruwan Parakou da Djougou na arewacin Jamhuriyar Benin, domin a can ne raunin wannan tsari ya fi fitowa fili.

2.0 Wane ne Mai Kallo?

Parakou ita ce hedikwatar yankin Borgou, Djougou kuma ta yankin Donga. Duka biyun tsofaffin zangunan fatake ne a kan hanyar goro da ta haɗa ƙasar Hausa da Gwanja, kuma har yau akwai unguwar Zango a Parakou. Sai dai Hausa ba ita kaɗai ke cin kasuwa ba. Harshen Dendi yana da ƙarfi a garuruwan biyu, ga Baribanci a Borgou, ga Yom a Djougou. Harshen gwamnati da makaranta kuwa Faransanci ne.

Abin lura a nan shi ne, matashin da ya tashi a zango yana jin Hausa, amma baƙaƙen boko a ajin Faransanci ya koye su. Idan bidiyon da aka shirya a Kano ko Zariya ya faɗo wayarsa, kunnensa na Bahaushe ne, idonsa kuwa na ɗan makarantar Faransanci. Sunayen garuruwan ma sun isa misali. Da Bakano ne ya fara rubuta su, da Paraku da Jugu za a gani.

3.0 Abin da Tsarin Ya Dace da Shi

Kafin a shiga gyara, ya kamata a ba tsarin haƙƙinsa. Ware wa kowace addu'a bidiyonta ya yi daidai da hanyar makarantar allo, inda ba a ƙara wa almajiri sai ya kiyaye abin da ke allonsa. Haka kuma murya tana tafiya tare da rubutu, abin da littafi ba zai iya bayarwa ba. Wanda ya shekara yana maimaita addu'a bai san abin da yake roƙo ba, yanzu yana ganin ma'anar a harshensa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matsalar tana tasowa ne idan mai kallo ya rufe murya, kamar yadda ake yi a mota ko a kasuwa, ya dogara da layin boko kaɗai.

4.0 Layin Boko

Layin tsakiya yana da rauni iri biyu. Na farko daga baƙaƙen Hausa yake. Larabci yana da sautukan da boko bai tanadar wa gurbi ba, saboda haka sai a tara sauti biyu ko uku a kan baƙi ɗaya. Ha ƙarami (ح) da ha mai ruwa (خ) sukan zama h. Sin (س) da sodi (ص) sukan zama s. Idan madannin waya ba ya da baƙaƙe masu lanƙwasa, ƙaf (ق) da kaf (ك) duk k ne.

A ɗauki Sayyidul Istigfari, wadda Bukhari ya ruwaito daga Shaddad bin Aus, kuma ake karanta ta safe da maraice. A farkonta akwai kalmar da ke nufin "ka halicce ni", wadda ta fara da ha mai ruwa. Idan aka rubuta ta halaƙtani, mai karatu ba ya da hanyar sanin wace ha ake nufi. In ya furta ha ƙarami, ya koma wani tushe dabam mai nufin aski. Can gaba kuma akwai kalmar sana'tu, wato "na aikata", a inda bawa ke neman tsari daga sharrin aikinsa. Wasalin ƙarshe shi ne ke ɗauke da mai aikin. Idan aka yi kuskuren bugu ya zama a, an jingina aikin ga wanda ake roƙo. Baƙi ɗaya ne, amma ya juya ma'ana gaba ɗaya.

Rauni na biyu shi ne wanda ya keɓanci Parakou da Djougou. Ɗan makarantar Faransanci ya saba da ƙa'idoji kamar haka: ba a furta h, s tsakanin wasula biyu takan koma z, wasali da n ta biyo bayansa a ƙarshen gaɓa yakan fita ta hanci, n ɗin ta ɓace, u kuwa wani sauti ne dabam, domin sautin u na Hausa ou ake rubuta shi. Saboda haka hamdu tana iya fita amdu, masir ta zama mazir, min kuma ta rasa n ɗinta.

Idan aka juya abin, wato wani a Benin ya shirya bidiyon da ƙa'idar Faransanci, sai ya rubuta shin da ch, jim da dj. Mutanensa za su karanta daidai. Amma da zarar bidiyon ya tsallaka iyaka zuwa Nijeriya, mai karatu zai ga charri ya ce carri. Ke nan babu rubutun boko guda da zai gamsar da ɓangarorin biyu. Laifin da za a ɗora wa masu shiryawa ba wai sun zaɓi ɗaya ba ne. Laifin shi ne ba a faɗa wa mai kallo wace ƙa'ida aka bi ba.

5.0 Layin Larabci

Ana iya zaton layin sama ba ya da matsala, amma shi ma yana da tasa. Makarantun allo na Afirka ta Yamma sun gaji ruwayar Warshu da rubutun Magaribi, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Rubutun da ke cikin waya na Gabas ne, inda baƙi mai ɗigo ɗaya a sama fa ne. Wanda bai saba ba zai iya ɗaukar fa a matsayin ƙaf. Haka nan a surori uku na ƙarshen Alƙur'ani, waɗanda ake karantawa sau uku-uku, kalmar da Hafsu ya karanta kufuwan, Warshu da hamza ya karanta ta. Duka ruwayoyin ingantattu ne. Amma bidiyon da bai ambaci ruwayarsa ba yana iya sa yaro ya zaci malaminsa na allo kuskure ya koya masa.

6.0 Layin Hausa

A nan ne ɗalibin fassara zai fi samun abin nazari. A cikin Sayyidul Istigfari kalmomin ahd da wa'd sun zo a jere, kuma Hausa kalma ɗaya take da ita a kusa, wato alkawari. Mai gaggawa yakan tsere wa maimaici ta hanyar fassara ta biyu da wa'adi, ganin cewa daga tushen ta fito. Sai dai a bakin Bahaushe wa'adi lokaci ne da aka ɗiba, kamar wa'adin biyan bashi ko na mulki, har ma akan ce wa'adinsa ya cika idan mutum ya rasu. Kalmar aro ta riga ta sauya sheƙa. Abin da ya fi shi ne a buɗe jimlar bisa ɗaya daga bayanan malamai: alkawarin da bawa ya ɗauka, da kuma alkawarin da Ubangiji ya yi masa.

Akasin haka ya faru da kalmar abu'u, wadda ta zo sau biyu, tare da ni'ima da kuma tare da zunubi. Larabci ya wadatu da aikatau ɗaya, Hausa kuwa biyu take so. Mutum yakan yarda da ni'imar da aka yi masa, amma laifi amsa shi ake yi. Wanda ya ce "na yarda da zunubina" ya bar ƙofa a buɗe, domin ana iya fahimtar cewa ya gamsu da shi.

Akwai kuma kuskuren da ba na harshe ba ne, na haɗa bidiyo ne. Wasu addu'o'in suna sauya lafazi tsakanin safe da maraice. Asbahna, "mun wayi gari", takan koma amsaina, "mun shiga maraice". A wata addu'ar, ta safe tana ƙarewa da nushur, wato tashi daga kabari, ta maraice kuma da masir, wato makoma. Wanda ya kwafi bidiyon safe ya sauya hoton hantsi da na faɗuwar rana, yana iya gyara layi ɗaya ya manta da sauran. Hanyar gane wannan mai sauƙi ce: a tsayar da bidiyon maraice a duba ko layin Hausa yana nan yana cewa an wayi gari.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa rubutun uku ba matsayinsu ɗaya ba. Larabci shi ne nassi, Hausa bayani ce, boko kuwa sanda ce ta dogarawa kafin ƙafa ta yi ƙwari. Bidiyo mai inganci shi ne wanda ya faɗi littafin da ya ɗauko addu'ar, ya ambaci ruwaya idan aya ce, ya nuna adadin maimaitawa, sannan ya bayyana ko da idon Hausa ko na Faransanci za a karanta layin tsakiya. Ɗalibin da ke son gwada wannan sharhi zai iya rufe murya, ya ba wanda ya yi makarantar Faransanci layin boko ya karanta, sannan ya buɗe muryar ya kwatanta. Duk inda karatun biyu suka saɓa, nan ne rubutun ya gaza, kuma nan ne ya kamata gyara ya fara.