Wasiƙar Mai Takaba Zuwa ga Abokan Cinikin Marigayi da Masu Binsa Bashi

Tun da layin dogo na Kano zuwa Nguru ya kammala a 1930, Gagarawa Tasha ta zama ƙofar da amfanin gonar ƙasar Gumel ke bi ya fita, kuma cinikin da ya kafu a gefen wannan tasha, daga zamanin gyaɗa har zuwa zamanin riɗi da zoɓo, bai taɓa tsayuwa a kan kuɗi hannu kaɗai ba. Attajirin Kano ya ba wakilinsa jari tun kafin kaka, wakili ya rarraba wa 'yan kasuwar ƙauye, su kuma su ba manomi da sharaɗin ya kawo kaya idan ya sussuke. A kasuwar Maigatari kuwa, wadda ke ci ranar Alhamis, sau da yawa akan kora dabba a kan alkawarin biya a kasuwa mai zuwa, ba tare da wata hujja ba sai idon dillali. Mutumin da ke tsakiyar irin wannan hulɗa, idan ajali ya riske shi, yakan tafi da rabin lissafinsa a ka, sauran rabin kuma yana cikin wani ɗan littafi da ba mai iya warware alamominsa sai shi.

A wannan hali ake rubuta wasiƙar da nake son dubawa. A wurin jana'iza akan yi shela cewa duk mai bin marigayi bashi, ko wanda marigayi ke bi, ya ga wane. Amma shela tana isa ne ga wanda ya halarta, alhali masu manyan haƙƙoƙi suna Dawanau, ko Gujungu, ko ƙetaren iyaka a ƙasar Damagaram. Matar marigayi kuwa, wadda galibi ita ta san buhunan da suka kwana a ɗakin ajiya da baƙin da suka yi sallama da dare, tana cikin takabar wata huɗu da kwana goma, kuma ko da yake malaman Malikiyya sun yarje mata fita da rana don lalura, al'ada ba ta yarje mata zaman lissafi da maza a rumfar kasuwa ba. Ga shi kuma, a mazhabar, bashin da ke kan mutum, ko da ajalinsa bai yi ba, yana zama abin biya nan take da mutuwarsa, alhali wanda shi yake bin wasu yana nan a kan ajalinsa. Wato masu karɓa suna da ikon zuwa yau, masu kawowa suna da ikon jira, ita kuma tana ɗaka. Takarda ce kaɗai ke iya fita a madadinta.

Siffar wasiƙar gado ce daga tsohon tsarin wasiƙun ajami: bisimilla, sa'an nan daga wance zuwa ga Alhaji wane, gaisuwa da fatan alheri, sai "bayan haka", a rufe da "haza wasalam". Da wuya ta rubuta da hannunta. Wani malamin zaure, ko ƙaninta, ko ɗan makarantar gidan ne ke riƙe alƙalami, kuma shi ne zai sa sunan marigayi a sarari, tun da ita kunya ta hana ta ambatarsa sai da "maigidana" ko "baban yara". Mai karatu da bai san lamarin ba zai ɗauka zuciyar wasiƙar ita ce godiya ga ta'aziyya da roƙon gafara ga mamaci. A ganina waɗannan share fage ne, kuma gwanintar duka tana cikin jimla biyu ko uku da ke bin "bayan haka", inda ake bambance sanarwa da iƙirari.

Duba waɗannan lafuzza biyu, waɗanda kunne ba ya jin nisa a tsakaninsu. Ɗaya ta ce: "Alhaji, na san kana bin maigidana naira dubu ɗari huɗu, ka yi mana haƙuri." Ɗayar ta ce: "Alhaji, na ji ana cewa akwai lissafi tsakaninka da marigayi, idan haka ne, ka taho da shaidunka ko takardarka wurin wansa bayan sadakar arba'in." Ta biyu sanarwa ce, ba ta ɗora wa kowa komai ba. Ta farko kuwa iƙirari ne na magaji, kuma Imam Malik ya yi bayanin hukuncinsa a Muwaɗɗa, da misalin mace ma: idan ta amsa cewa ana bin mijinta bashi, sauran magada suka musanta, za ta biya mai bashin gwargwadon rabonta na gado. Matar da ta gaji sumuni, domin marigayi ya bar 'ya'ya, ta ɗauki naira dubu 50 daga cikin dubu 400; idan mata biyu ne suka raba sumunin, dubu 25. Iƙirarinta bai kama dukiyar marayu ba, kuma wannan rahama ce, sai dai mai bashi ba ya karanta takardar da idon fiƙihu. Zai ɗaga ta a gaban dangi ya ce ga shaidar uwar gida, su kuma, don tsoron kada a ce sun bar ɗan'uwansu a ɗaure da bashi a kabari, sai su biya gaba ɗaya, har daga rabon yaran da babu mai ikon yin kyauta da shi. Alhali da an je gaban alƙali, da an nemi mai da'awa ya kafa hujja, sa'an nan a ƙara masa da rantsuwar da ake ɗora wa mai ƙarar mamaci, cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba, domin wanda zai iya cewa "na biya ka" ba ya nan.

Abu na biyu da wasiƙa mai kyau ke kiyayewa shi ne kada ta yi wa kowa alkawarin biya kafin a tara dukan masu haƙƙi. Mu ƙaddara wani mai sayen riɗi a Gagarawa Tasha ya rasu bayan kaka, aka fitar da kuɗin likkafani da binnewa, abin da ya rage na tarika ya kama naira miliyan 2 da dubu 400. Wani mai shanu a Maigatari yana binsa miliyan 1 da dubu 500, wani mai hatsi a Gumel dubu 900, ita matar kuma dubu 600, kuɗin bijimin da ta sayar da kwasar adashi da ta ranta masa ya cika jari. Jimillar bashi miliyan 3 ke nan, tarika ba ta kai ba, saboda haka babu wasiyya, babu gado, sai rabon masu bashi gwargwadon haƙƙinsu, kowa ya sami huɗu bisa biyar na abin da yake bi: na Maigatari miliyan 1 da dubu 200, na Gumel dubu 720, ita dubu 480. To, idan mutumin Maigatari ne ya fi matsawa, ya aiko sau da yawa, ita kuma ta sa aka rubuta masa cewa za a sallame shi da zarar an sayar da riɗi, aka kuwa cika masa, ya ci dubu 300 da ba nasa ba, kuma magajin da ya biya alhali ya san da sauran basusuka shi na Gumel zai kama da lamuni, sa'an nan shi ya koma ya nemi abin da ya fita. Ko wanda ya sayar wa marigayi kaya bashi, ya tarar da kayansa a ɗakin ajiya ba a taɓa ba, ba shi da fifiko a mazhabar Malik idan mutuwa ce. Wannan fifiko na wanda abokin cinikinsa ya karye yana raye ne. Mai riƙe da jingina kuwa yana gaba da kowa a kan abin da ke hannunsa.

A nan ne kuma nake ganin babban naƙasun wannan al'ada. A misalin da ya gabata matar tana cikin masu bin bashi, haka ma da akwai ragowar sadaki da ba a cika mata ba, amma al'adar wasiƙar ba ta tanadar mata wurin faɗin haka ba. Harshen da aka gada na mai neman afuwa ne, kuma kawaici yana sa ta lissafa haƙƙin kowa ta tsallake nata, don kada dangin miji su ce tun ƙasa ba ta bushe ba ta fara lissafi. Idan ta yi shiru har aka raba, dubu 480 ɗin sun tafi wurin mutanen da suka fi ta ƙarfi, a daidai lokacin da shari'a ba ta yanka mata ciyarwa daga tarika ba, sai zama a gidan har idda ta cika idan gidan mallakar marigayi ne ko ya riga ya biya haya. Malamin da ke riƙe mata alƙalami, in ya san aikinsa, shi ya kamata ya sa jimla guda, a bakinsa ba a bakinta ba, cewa iyalin marigayi ma suna da lissafi da za a gabatar tare da na kowa.

Wasiƙar da ke zuwa ga abokin tarayya ko mai jari wani babi ne dabam, kuma kuskure ne a kwafa masa abin da aka rubuta wa mai bashi, domin kuɗin ƙiradi amana ne a hannun mai juya shi, ba rance ba. Idan attajirin Dawanau ya ba marigayi jari ya sayi riɗi a raba riba, mutuwa ta zo kaya suna ɗaka ba a sayar ba, Muhtasar na Halil ya ba magada mafita: amintacce daga cikinsu ya ƙarasa cinikin su karɓi rabon ribar marigayi, ko su kawo wani amintacce ya ƙarasa, in sun kasa su miƙa kayan ba su da komai. Saboda haka jimlar "ka aiko a kwashe kayanka, mu ba mu san kan ciniki ba", wadda take kama da ladabi da gudun haƙƙi, tana iya zubar da ribar wahalar kaka guda. Abin da ya dace a rubuta shi ne adadin buhunan da aka tarar, da alamar da ke jikinsu, da shaidun da suka ƙirga, da sunan wanda iyali suka tsayar ya ƙarasa. Bambance buhunan kuwa amfanin ɓangarorin biyu ne, domin idan ba a gane kayan ƙiradi a cikin tarika ba, mai jari zai shiga sahun masu bashi ya yi rabo da su, ya rage wa kowa, ya kuma rage wa kansa.

Saura iyakar ikon mai wasiƙar. Wakilcin da marigayi ya ba yaransa na kasuwa ya faɗi da mutuwarsa, don haka daidai ne ta sanar da su su dakatar da saye da sayarwa da sunansa. Amma uwa, a mazhabar Malik, ba ta da walicci a kan dukiyar marayunta sai in uban ya naɗa ta wasiyyiya ko alƙali ya ɗora ta, don haka ba ta da ikon yafe wa wanda marigayi ke bi, ko yin sulhu a kan ragi, sai a cikin nata rabon. Yau da yawa daga waɗannan saƙonni sun koma murya a waya, mai takaba ta yi magana da bakinta ba tare da malamin da zai tace lafazi ba, kuma muryar da aka naɗa cikin kuka da dare tana nan ajiye a wayar mai bashi, yana iya kunna ta a zauren mai gari ko a kotun shari'a ta Gumel, da duk abin da ta amsa a cikinta.