Bitar Ayyukan Magabata Ba Kiran Suna Ba Ce

Wasu malaman jami'a na cewa babi na biyu na kundi ya fi tsafta idan aka jera marubuta bisa shekaru, wai tsarin jigo yakan ɓoye wa ya faɗi me. Ban yarda ba. Jerin ya samu gindin zama ne don yana da sauƙin dubawa, kuma ɗalibi kan gaje shi daga kundin wanda ya riga shi.

A ɗauki ɗalibi ɗan Tibiri da ke nazarin sarauta a Arewa, ƙasar Mawri. Zai fara da Marc-Henri Piault da littafinsa na tarihin Mawri na 1970, ya bi da ƙagaggen labarin Abdoulaye Mamani, Sarraounia, na 1980, sai fim ɗin Med Hondo na 1986, ya rufe da aikin Adeline Masquelier na 2001 kan bori a Dogondutsi. Kowa da sakin layinsa, kowane sakin layi ya buɗe da suna. Gwajin mai sauƙi ne: a sauya wa sakin layi biyu wuri. In ba abin da ya ɓaci, to ba hujjar da aka gina.

Ga dabarar da na fi so. A ja jadawali, ayyukan a gefe, a sama a rubuta tambayoyi biyu: daga ina iko yake fitowa a ganin marubucin, kuma daga bakin wa ya ji? Nan take jerin zai watse. Mamani da Hondo za su faɗa gurbi guda, domin fim ɗin daga littafin aka ɗauko shi. Shaida ɗaya ce da aka ƙirga biyu. A wurinsu Sarauniyar Lugu jarumar yaƙi ce da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Piault kuwa ya raba ikon gida biyu, Gubawa masu ƙasa da tsafi, da Arawa masu sarauta, kuma a wannan tsari Sarauniya muƙamin addinin gargajiya ne. Masquelier ta zo da tambaya ta gaba: ina wannan iko ya kwana da Musulunci ya kafu? Sakin layin farko zai buɗe da da'awa ke nan: masana sun saɓa kan ko ikon Sarauniya na takobi ne ko na tsafi. Sunaye su biyo baya a matsayin shaidu, don haka ba wanda aka ɓoye.

Tambaya ta biyu a jadawalin ita ce zuciyar aikin a ganina, don mai ƙaga labari da mai tattara tarihin baka ba ma'auninsu ɗaya ba. Ɗalibinmu ya ƙara ta uku: me kowanne ya ce kan sarautar Samna ta Tibiri? Gurbin da ya kasa cikawa, nan bincikensa zai fara.