Ka, Ki, Ku ko A: Inda Muryar Talla Take Ɓuya

Akwai ƙorafin da ake yawan yi wa masu Hausantar da talla, wai ba su da amana. An ba su rubutun Turanci su fassara, sai su dawo da wani abu dabam, in aka mayar da shi Turanci ba ya kama da na asali. Masu wannan ƙorafi yawanci ma'aikatan kamfanonin talla ne da ba sa jin Hausa, kuma hanyarsu ɗaya ta auna aiki ita ce su sa wani ya sake juya Hausar zuwa Turanci, su jera biyun su gani ko kalmomi sun yi daidai. Wannan awo yana da amfani a takardar yarjejeniya da umarnin shan magani. A talla kuwa, abin da yake saka wa da yabo shi ne ainihin aikin da ya lalace, domin jimlar da ta koma Turanci sumul ita ce wadda tun farko ba ta bar Turancin ba.

Hausantarwa ba baƙuwa ba ce a rubutunmu. A ƙarshen shekarun 1930 Abubakar Imam ya ɗauko labarai da dama daga littattafan Larabawa da na Turawa ya zuba su cikin Magana Jari Ce, ya ba su sarki da waziri da fada irin tamu, har mai karatu ba ya jin ƙamshin baƙunta. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, kuma ta irin waɗannan kafofi kunnen Bahaushe ya saba da tallar kamfani. Amma kafin su duka akwai mai nono da mai goro da mai maganin gargajiya a bakin kasuwa, waɗanda suka daɗe da sanin yadda ake tsayar da mai wucewa da kalma uku.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce kamfanin ganyen shayi ne, mu kira kayansa shayin Wane. Muryarsa a Turanci mai fara'a ce, irin ta ɗan gida mai tsokana, ba ta hukuma ba. Ya aiko da gajeren rubutun da za a sa ƙarƙashin hoton kofi mai tururi. In aka bi Turancin kalma bayan kalma, ga abin da zai fito: "Tashi ka haskaka! Buga wa ranarka kik da kofin shayin Wane. Ka cancance shi. Sayi biyu ka sami ɗaya kyauta." Babu kalmar da ba Hausa ba a nan, in ban da kik ɗin babur wanda shi ma ya zama ɗan gida. Amma babu Bahaushen da zai faɗi haka ga wani.

Kafin a taɓa karin maganar Turancin ma, akwai tambayar da nake ganin ita ce uwar aikin: wa ke magana, kuma da wa? Turanci yana da wakilin suna ɗaya tak na wanda ake magana da shi, namiji ne ko mace, ɗaya ne ko dubu, sarki ne ko yaro. Marubucin tallar Turanci bai taɓa tsayawa ya zaɓa ba. Hausa kuwa ba ta barin mutum ya wuce wannan ƙofa sai ya zaɓa, kuma abin da ya zaɓa shi ne muryar kamfanin.

Mai fassara kalma-kalma kusan kullum "ka" yake ɗauka, don shi ne ya fi kusa da hannu. To a tallar shayi wannan "ka" ya rufe wa uwargida ƙofa, alhali a gidaje da yawa ita ke ɗora ruwan, ita ke cewa wane ganye za a sayo. Wasu sukan gudu daga wannan su rubuta "ka/ki", abin da ya dace da fom ɗin neman aiki, amma ba a iya furta shi, kuma tallar da ba ta furtuwa ta mutu tun kafin ta kai rediyo. "Ku" yana ɗauke kowa, yana kuma da girmamawa, shi ya sa ya dace da banki ko kamfanin inshora, masu son a ji su da natsuwa. Sai dai "ku tashi, ku sha, ku saya" yana da amon sanarwa, kamar mai shela ya hau mota da lasifika. Kamfanin da ya gina kansa a kan wasa da dariya, in aka sa masa "ku" a kowace jimla, an naɗa masa rawanin da ba nasa ba.

Saura biyu da Turancin bai nuna wa mai fassara ba, don haka sai wanda ya saurari Hausa yake tuna su. Akwai "mu", mai jawo mai talla da mai saye su zauna tabarma ɗaya: "mu sha shayi". Sannan akwai wanda na fi so, wato "a". "A zo a gani." "A sha lafiya." "A sayi goro." Wannan ƙaramin harafi ba ya nuna kowa da yatsa, ba ya ware mace daga namiji, ba ya raina babba, ba ya tsorata yaro. Umarni ne da aka cire wa ƙaya ya koma tayi. Da shi mai masauki ke ce wa baƙo "a shigo", da shi 'yar talla ke kiran dattijon da ya yi jika da ita ba tare da ta yi rashin kunya ba. Ga shayinmu, "a" ne ya fi kusa da fara'ar da Turancin ke ɗauke da ita.

Da zarar an tsai da wannan, sauran jimlolin sai su fara faɗin abin da suke nema. "Tashi ka haskaka" ba maganar haske yake yi ba, kiran safiya ne da ɗan gida ke yi wa mai barci. Namu shi ne "Gari ya waye!" Gajere ne, yana da ɗan zolaya a ciki. Kada a yi gangancin sa "asuba ta gari" don an ga asuba a ciki, domin wannan sallamar dare ce, mai shirin kwanciya ake gaya wa. Maganar buga wa rana kik kuwa, Bature ne ke kallon yini kamar inji. Bahaushe yana karya kumallo ne, kuma kalmar "karya" ita kaɗai ta ɗauke safiya da yunwa da abin da za a fara sa wa ciki. Sai a ce, "A ɗora ruwa, a karya da shayin Wane." Ɗora ruwan babu shi a Turancin. Na ƙara shi ne don ya maye gurbin motsin da kik ɗin ya kawo, kuma duk wanda ya ji shi ya ga tukunya a kan wuta.

"Ka cancance shi" ya fi wuya. Cancanta a Hausa kalmar muƙami ce da lada da hukunci, ana cancantar sarauta, ana cancantar ɗauri. Ba a cancantar kofin shayi. Abin da Turancin ke yi shi ne bai wa mutum izinin ya ɗan ji daɗin ransa, kuma muna da wannan a shirye: rai dangin goro ne. Amma a nan sai an yi hattara. Karin magana yana ƙara wa murya shekaru. In kamfanin na matasan birni ne, masu sayen shayi a leda suna sauri, karin maganar zai sa shi ya yi kama da kakansu, gara a tsaya a "a sha, a more". In na iyali ne, zai zauna daram. Masu cusa karin magana a kowace talla don a ce Hausarsu ta nuna, laifinsu ɗaya da na masu bin Turanci sawu da ƙafa: dukansu ba su tambayi wa ke magana ba.

Jimlar ƙarshe ita ce inda 'yancin mai Hausantarwa ya ƙare. Farashi, adadi, ranar da garaɓasa za ta rufe, sharuɗɗan shiga, waɗannan ba a yi musu ado. Akwai kwaɗayin a ce "na uku gyara ne", kuma kalmar tana da daɗi, sai dai gyara ɗan ƙari ne da mai sayarwa ke yi in ya ga dama, ba alkawari ba. Kamfanin kuwa alkawari ya yi. Saboda haka "a sayi biyu, na uku kyauta". In tallar za ta tsallaka Maraɗi ko Damagaram, a tuna cewa a can dala sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu, don haka kuɗin a rubuta shi da lamba. A kuma duba irin haruffan da mai zane zai yi amfani da su, domin in ba su da ƙ da ɗ da ɓ, "baƙi" zai koma "baki".

Ga yadda rubutun ya tsaya: "Gari ya waye! A ɗora ruwa, a karya da shayin Wane. Rai dangin goro ne. A sayi biyu, na uku kyauta."

Ina da ra'ayin da na daɗe a kansa, cewa abin da Turawa ke liƙa wa sunan kaya a matsayin take, mu kirari muke ce masa, kuma ginin kirari ya fi ginin jimlar Turanci dacewa da talla. Kirari suna ne da siffa, babu aikatau a tsakani: Kano tumbin giwa. Ba ya umartar kowa, don haka matsalar "ka" da "ki" ba ta ma tasowa. "Shayin Wane, abokin safiya." Kamfani mai tsokana zai iya cewa "abokin burodi", mai ji da kansa ya ce "na manyan baƙi". Siffa ɗaya ta isa ta sauya muryar gaba ɗaya. Haɗarinsa shi ne kirari ya saba da zuga, kuma bakin mai yi yakan zame ya ce "maganin kasala" ko "mai korar mura". A Nijeriya tallar abinci da magani tana bi ta hannun hukumar NAFDAC, kuma da zarar an ce shayi magani ne an ɗora wa kamfani da'awar da bai yi ba, ko da a Hausa zolaya ce kawai.

Ga wanda ba ya jin Hausa amma yana son tabbatar da aikin da ya biya, akwai awon da ya fi mayar da rubutu Turanci. A karanta tallar da baki ga mutumin da bai ga Turancin ba, mai shayi ko uwargida, a tambaye shi wane irin mutum ne ya faɗi wannan magana, tsoho ne ko yaro, wasa yake yi ko da gaske, kuma me yake so a yi. In amsar ta yi daidai da yadda kamfanin ke siffanta kansa, muryar ta tsallako. In mai sauraro ya ce a maimaita, ko ya yi dariya a inda ba a nufa ba, a koma kan wakilin sunan tukuna, don galibi daga nan ɓarakar take.