Katan Arba'in da Ba Su Iso Kurmi Ba

Babbar mota ba ta shiga cikin Kasuwar Kurmi. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, aka kafa kasuwar, kuma lungunanta na jaki ne da mai tafiya a ƙasa. Don haka kayan da ɗan kasuwa ya saro daga Kasuwar Singa ko daga Legas a bakin titi ake sauke su, 'yan dako da masu baro su ƙarasa da su shago. Kafin katan ya isa sito ya bi ta hannu huɗu ko biyar. A wannan tsakanin ne lissafin mai kaya da na mai saye ke rabuwa, kuma a nan ake gane akawun da ya iya alƙalami.

Ga misali. Wani mai shago ya yi odar katan 200 na sabulu daga wurin dila, kowane katan naira 18,000, bisa za a biya bayan an kawo. Takardar neman biya, wadda 'yan kasuwa ke kira inbois, ta zo da naira 3,870,000, wato kuɗin kaya 3,600,000 da harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ake karɓa a wannan ƙima tun Fabrairun 2020. Amma da aka ƙirga, katan 160 ne suka shiga sito.

Mafi yawanmu waya za mu ɗauka mu yi faɗa. Gwani kuwa yakan fara da ajiye takardu uku a gabansa: takardar oda, inbois, da webil, wato takardar rakiyar kaya da direba ke kawowa a sa masa hannu. Inbois da'awa ce kawai ta mai sayarwa. Webil ita ce shaidar abin da ya sauka. In yaron shago ya yi hankali ya rubuta "an karɓi 160" kusa da sa hannunsa, direba ma ya sa nasa, to rabin aikin ya ƙare kafin a fara wasiƙar.

Ga irin abin da gwanin zai rubuta:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan kasuwa na albarka, na rubuto ne game da inbois ɗinku mai lamba 0417, wadda ta nemi naira 3,870,000 kan katan 200 na sabulu. Abin da ya iso shagonmu ranar Litinin katan 160 ne, kamar yadda aka rubuta a webil ɗin da direbanku ya sa wa hannu, ga kwafinta nan haɗe. Mun tura muku naira 3,096,000 yau, kuɗin katan 160 ke nan da harajinsu. Sauran naira 774,000 ba mu amince da su ba, domin kayansu ba su zo hannunmu ba. Muna roƙon ku zaɓi ɗaya: ko ku ciko katan 40 ɗin kafin Juma'a mai zuwa, ko ku aiko da takardar soke wannan kuɗi daga asusunmu. Allah Ya bar zumunci."

Abin da ya fi burge ni a wasiƙar shi ne biyan da aka yi. Mai shago yana iya riƙe dukan kuɗin ya ce sai an gyara takarda, kuma da yawa haka suke yi don su matsa wa dila. Amma da zarar ya yi haka, magana ta tashi daga katan 40 da ba a kawo ba ta koma kan katan 160 da ya karɓa bai biya ba, ya zama shi ne mai laifi. Da ya biya abin da babu gardama a kansa, ya nuna ba gudun bashi yake yi ba, ya kuma mayar da rigimar miliyan uku da ɗoriya ta zama ta dubu ɗari bakwai da saba'in da huɗu. Dila ba ya jin zafin duba ƙaramin giɓi in kuɗinsa na gaske sun riga sun shiga.

Dubi kuma yadda aka fitar da 774,000. Katan 40 sau 18,000 ya ba da 720,000, kuma nan ne wanda bai ƙware ba zai tsaya. Gwani ya san an ɗora haraji a kan kayan da ba su zo ba, sai ya ƙara 54,000. In ya manta da wannan, za a soke kuɗin sabulun a bar masa harajin a asusunsa, ya riƙa biyo shi a lissafin kowane wata.

Sannan babu kalmar sata a ciki, babu ha'inci, babu "yaranku sun saba". Ba tsoro ne ya hana ba. Marubucin bai san inda katan 40 ɗin suka maƙale ba: wataƙila kaya ne suka ƙare a siton dila aka loda abin da ke akwai, akanta kuma ya buga takarda daga oda bai duba lodi ba, wataƙila an sauke su a wani shago bisa kuskure. Abin da ya sani kaɗai ya rubuta, wato ba su iso ba. Wannan ya bar wa Alhaji ƙofar cewa kuskure ne ba tare da ya ji kunya ba, kuma dilan da ke ba ka kaya bashi ba wanda za ka ɓata da shi a kan zato ba ne. A fiƙihun da aka karantar da mu a zaurukan cikin birni, hujja tana kan mai da'awa. Mai neman kuɗin katan 200 shi zai nuna ya kawo 200, don haka wasiƙar ba ta buƙatar zargi.

Sai dai wasiƙa tana da iyaka. In yaron shago ya sa hannu a kan 200 bai ƙirga ba, don direba na sauri ko magariba ta gabato, to takardar dila ta fi ƙarfi. A nan gwani ba ya ɓoye sa hannun. Yakan faɗe shi da kansa, sannan ya kawo abin da zai tsaya masa: littafin sito na ranar, da lissafin 'yan dako, tunda in a kan kowane katan aka biya su, kuɗin 160 aka ba su, kuma suna nan za su faɗa. Dole kuma wasiƙar ta tafi a ranar ko washegari. Bayan mako biyu an fara sayar da sabulun, ba mai iya bambance wanda bai zo ba da wanda aka sayar.

Akwai kuma tambayar da gwani yakan yi kafin ya ɗauki biro: wa ya ɗauko motar? In dila ne ya turo direbansa, kaya na wuyansa har su sauka. In mai shago ne ya aika motar haya, aka loda mata 200 cif a gaban wakilinsa, to inbois ɗin daidai take, kuma da direba za a yi magana. Aika wa dila wasiƙa a irin wannan hali zubar da mutunci ne.

Kwafi biyu na wasiƙar ake yi. A kai ɗaya ofishin dila, a sa wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗayan, a dawo da shi. In Juma'ar ta wuce shiru, shugabannin kasuwa ake fara kai wa, su zaunar da mutum biyun. In sulhu ya gagara, Kano tana da kotun ƙananan basussuka tun 2019, kuma a can ma inbois da webil da wannan kwafi mai sa hannu za a fara nema.