Farin Zobe a Gefen Gashi: Nazari kan Sassauta Gefe da Gyaransa Wajen Cire Bangon Hoto

Mafi yawan hotunan da ake kai wa masu aikin zane a kwamfuta a garuruwanmu ba su da wuyar yankewa. Namiji da hula, mace da ɗankwali ko hijabi, gefen a miƙe yake, santsi gare shi. A bi shi da `Pen Tool`, a ɗan sassauta gefen, a cire bango, aiki ya tashi. Hannu yakan saba da wannan, har mai aiki ya ɗauka kowane hoto haka ake yi masa. Ranar da aka kawo hoton yarinyar da aka tsefe wa kitso aka taje mata gashi, ko saurayin da ya tara suma, sai dabarar ta gaza. Ana ɗora hoton a kan sabon bango mai duhu, sai ga wani farin zobe ya kewaye kai, ya kuma cika ramukan da ke tsakanin nannaɗewar gashin. Abin da aka fi yi a nan shi ne a ƙara `Feather`, kuma a ganina wannan ne kuskuren da ya fi yawa a wannan sana'a, domin sassauta gefe shi kaɗai ba ya kashe zoben. Sau da yawa ma faɗaɗa shi yake yi.

Sai an san inda farin yake fitowa kafin a fahimci dalili. A ɗauki hoton da aka yi a situdiyo, mai faɗin fiksel 4000 da tsawon 6000, wanda ya ɗauko yarinya daga ƙugu zuwa sama, wato kimanin santimita 90. Kowane fiksel a nan yana wakiltar milimita 0.15 ke nan. Silin gashin ɗan Adam kuwa yawanci kaurinsa bai wuce milimita 0.1 ba. Ashe silin da ya fito shi kaɗai a gefen kai bai isa ya cika fiksel guda ba. Abin da kyamara ta rubuta a wannan gurbi gauraye ne, wani kaso na baƙin gashi, wani kaso na farin labulen da ke baya. Miƙaƙƙen gashi yakan kwanta wuri guda, saboda haka gaurayen ba ya wuce siririn layi. Nannaɗaɗɗen gashi kuwa kowane sili murɗawa yake ya bar rami, ramin ya haɗu da wani, har yankin gaurayen ya kai faɗin fiksel 30 ko 40, kuma a cikinsa da wuya a sami gurbin da za a ce gashi ne zalla ko bango ne zalla.

Masana sun daɗe da rubuta wannan gauraye da lissafi. Thomas Porter da Tom Duff, lokacin suna aiki a kamfanin Lucasfilm, sun wallafa ƙa'idojin haɗa hotuna a 1984, kuma a kansu manhajojin yau suke tafiya:

```
C = αF + (1 − α)B
```

`C` shi ne launin da ake gani, `F` launin gashi, `B` launin bango, `α` kuma kason gurbin da gashi ya rufe, daga 0 zuwa 1. Mu gwada da fiksel guda, a ma'aunin haske da ke tashi daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Gashin yarinyar 30 ne, labulen situdiyo 250, silin kuma ya rufe kashi 40 cikin ɗari na gurbin. Lissafi ya ba da 12 a tara da 150, wato 162. Wannan toka-toka ce mai haske. A kan farin labule ba wanda zai lura da ita, domin ta fi abin da ke kewaye da ita duhu. Amma idan aka yanke da kaifi, aka bar fiksel ɗin yadda yake, aka ɗora shi a kan shuɗi mai duhu wanda haskensa 40 ne, sai ya zama 162 a tsakanin 30 da 40. Dubban irinsa a jere su ne zoben.

Abin da `Feather` yake yi shi ne dusar da iyakar marufin da ke ɓoye bango, wato `Layer Mask`. Yana mayar da yanka mai kaifi ya zama gangara, kuma gangarar takan bazu ta ɓangarori biyu, ciki da waje, rabinta na faɗawa daidai kan layin da aka zaɓa. Ta ciki yana taimakawa: fiksel ɗinmu mai 162 ya daina bayyana da cikakken ƙarfinsa. Ta waje kuwa ɓarna yake yi, domin yana buɗe gurbin da a da a rufe yake ruf, wanda labule ne zalla. Idan ya buɗe shi da kashi 25 cikin ɗari kawai, 250 a kan 40 zai ba da kusan 93. Wato an rage ƙarfin zoben, an kuma shimfiɗa shi ya zama hazo. Bugu da ƙari, `Feather` ba ya duban hoton ko kaɗan. Yadda ya dusar da gefen kafaɗa haka zai dusar da silin gashi, don haka in an kai shi fiksel 8 ko 10 sai siraran silin su narke, kai ya koma dunƙule guda kamar an kifa masa ƙwarya.

Wannan ba ya nufin a yar da shi. Amfaninsa na gaskiya ƙarami ne, kuma a ƙarshen aiki yake zuwa. Babu ruwan tabarau na kyamara da ke ba da gefe mai kaifin reza, kullum akwai ɗan laushi na fiksel ɗaya ko biyu. `Feather` na 0.5 zuwa 1 yana dawo da wannan laushi, ya kuma share tsani-tsanin da yanka yake bari. Sharaɗin shi ne a haɗa shi da `Shift Edge`, a ja iyakar ciki da kamar −10% zuwa −20%, yadda gangarar za ta faɗa kan gashi maimakon kan labule. In an ja da yawa, siraran silin ne za su fara ɓacewa, kuma da zarar an ga haka an san an wuce gona da iri.

Babban aikin yana wurin gyaran gefe. A Photoshop an fara shi da sunan `Refine Edge`, daga 2016 kuma ya koma cikin `Select and Mask`. Bambancinsa da sassautawa shi ne yana karanta launukan hoton. Idan aka shafa `Refine Edge Brush Tool` a kan wani yanki, ana gaya wa manhajar ne cewa nan ba a tabbatar ba, ta duba gashin da ke kusa da bangon da ke kusa, ta ƙiyasta `α` na kowane gurbi. Saboda haka inda aka shafa buroshin shi ne komai. A hoton yarinyar, zaɓin farko ya kamata ya tsaya cikin gashi mai kauri, sannan a shafa buroshin a yankin gaurayen kawai, daga inda fari ya fara leƙowa zuwa ƙarshen silin da ya fi nisa. Wanda ya kutsa da buroshin cikin tsakiyar suma ya hana manhajar samfurin da za ta gane gashi da shi, sai ta mayar da ƙyallin man gashi bango, ta huda kai. `Radius` kuma a bar shi ƙasa, kamar 2 ko 3, domin yana aiki a kan dukkan gefen ne, har da kunne da wuya da riga, waɗanda ba sa bukatarsa.

Ko da an yi wannan daidai, akwai saura, kuma nan ne mutane da yawa suke tsayawa suna mamakin abin da ya hana farin tafiya. Mu koma ga fiksel ɗinmu. Manhajar ta gano `α` ɗinsa 0.4 ne, ba kuskure. Amma launin da ke zaune a gurbin har yanzu 162 ne, ba 30 ba, domin marufi ɓoyewa yake yi, ba ya canza launi. Kashi 40 na 162 a tara da kashi 60 na 40 ya ba da kusan 89. Zoben ya ragu sosai, amma har yanzu ya ninka hasken sabon bangon fiye da sau biyu. Sai an cire farin da ya riga ya shiga cikin launin, an mayar da shi 30, sannan lissafi zai ba da 12 a tara da 24, wato 36, wanda ya zauna lafiya tsakanin gashi da bango. Wannan shi ne aikin `Decontaminate Colors`: yana maye launin gefen da launin gashin da ke kusa, ya fitar da sakamakon a sabuwar leya tunda ya taɓa ainihin hoton.

Ban cika sakin jiki da wannan maɓalli ba. A wurin da silin suka yi nisa da juna yakan bar dabbare-dabbaren launi, ya sa gashi ya yi kauri fiye da yadda yake. Na fi son hanyar hannu. A buɗe sabuwar leya a saman hoton, a ɗaure ta da shi ta `Create Clipping Mask`, a sa yanayinta a `Darken`, a ɗebo launi daga gashin yarinyar, a shafa a gefen da buroshi mai laushi. Ɗaurin yana hana fenti zuba a kan bango, `Darken` kuma yana taɓa abin da ya fi fentin haske ne kawai, don haka fari ya tafi, duhun gashi ya zauna. A riƙa sake ɗebo launin daga wuri zuwa wuri, domin gashin da muke kira baƙi yana da ja-ja a inda haske ya ratsa shi, kuma fenti guda a ko'ina yakan tona kansa.

Akwai kuma farin da ba daga yanka yake ba. Idan mai hoto ya tsayar da yarinyar dab da labule, ya kuma zuba wa labulen fitila fiye da kima, haske yakan dawo ya kwanta a kan gashin da gaske. Wannan ba gauraye ba ne, hasken yana kan silin kansa, kuma ba marufin da zai cire shi. Ana gane shi da cewa ya shiga cikin gashi mai kauri, har da gefen kunci. Maganinsa fenti ne, ko a zaɓi bango mai haske wanda zai dace da shi. Haka ma hoton da ya biyo ta WhatsApp a matsayin hoto: an matse shi, an rage girmansa, silin sun riga sun narke cikin labule, manhajar ba ta da abin karantawa. Gara a nemi a turo shi a matsayin fayil.

Duk wannan ba ya ganuwa a kan allon dara mai fari da toka da manhajar ke nunawa bayan an cire bango, domin shi ma haske gare shi, yana ɓoye zoben. Kafin ka miƙa aiki, koma cikin `Select and Mask`, sauya `View` zuwa `On Black` ka ga farin da ya rage, sannan `Black & White` ka ga ko akwai toka-toka a tsakiyar suma inda ya kamata marufin ya zama fari fat. Daga nan ka ɗora hoton a kan ainihin bangon da za a buga, ka duba shi a girman 100%, ka kuma rage shi sosai ka sake dubawa, domin zobe mai faɗi ya fi fitowa idan hoton ya ƙanƙance.